Wa Ke Cirar Kuɗin Nan Duk Wata? Yadda Ake Bin Sawunsa, a Kuma Tsayar da Shi

Idan aka wayi gari an kwashe wa mutum naira dubu ɗari daga asusu, kafin ƙarfe takwas yana bakin ƙofar banki. Amma idan naira ɗari biyu ce, ko dubu ɗaya da 'yan kai, sai ya dubi alat ɗin, ya ja tsaki, ya ce ai halin banki ne, ya mayar da waya aljihu. Wata ya zagayo a sake cirewa, ya sake jan tsaki. In ya lissafa kuɗin mota da wunin da zai yi a layi, sai ya ga sun fi abin da aka cire, ya haƙura. A haka ake shekara biyu ana zarar kuɗin mutum bai san mai zarar ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, kuɗin da ke fita a kai a kai, adadi ɗaya, lokaci ɗaya, ba da ka yake fita ba. Akwai wani izini da aka ajiye a wani wuri, kuma na'ura ce ke aiki da shi duk lokacin da rana ta cika. Wataƙila kai ka bayar ka manta, wataƙila wani ne a gidanka ya bayar da katinka, wataƙila kuma an yaudare ka ne ka danna abin da ba ka karanta ba. Ko ma yaya aka yi, cirewar ba za ta tsaya ba sai an je inda izinin yake an soke shi. Goge manhaja daga waya, kwashe kuɗi daga asusu, kai har ma sauya kati a wasu lokutan, duk kewaye ne. Suna iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma izinin yana nan daram.

A Najeriya izinin yakan zauna a ɗaya daga wurare huɗu. Ko dai bankin ne da kansa yake karɓar ladan hidimarsa, ko wani kamfani ne ya ajiye bayanan katinka yana cirewa, ko akwai umarnin cirewa kai tsaye daga asusu wanda bai bi ta kati ba, ko kuma ba a banki ma abin yake ba, kamfanin layin waya ne ke zaftare maka kiredit. Kowannensu da ƙofar da ake bi a rufe shi, kuma yawancin wahalar da mutane ke sha daga ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ne.

Alat ba ya isa

Saƙon alat gajere ne, sau da yawa yakan yanke bayanin a tsakiya, daidai wurin da sunan mai cirar yake. Abin da ake buƙata shi ne cikakken bayanin asusu, wanda ma'aikatan banki ke kira sitatimen. Ana samun sa a manhajar banki, a zaɓi kwanakin da ake so, a turo shi ta imel ba tare da an biya komai ba. Wanda aka buga a takarda a cikin banki ne ake biya wa kuɗi a kan kowane shafi. A nemi na wata uku aƙalla, na wata shida ya fi, domin akwai cajin da sau ɗaya yake zuwa a wata uku, kuma ba za a gane maimaituwarsa a gajeren bayani ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ƙaddara wata Hajiya ce mai shagon ɗinki a Kano, tana da asusun ajiya da katin cirar kuɗi. Ta lura kuɗinta na raguwa, ta sa 'yarta ta ciro mata bayanin wata shida. Suka zauna da biro, suka ja layi a ƙarƙashin duk kuɗin da ya fita wanda ba ita ta tura ba, ba ita ta cira a wurin mai POS ba. Layukan suka yi yawa har Hajiya ta fara salati. To amma da aka tara su gida-gida, sai ga shi iri huɗu ne kacal.

Iri na farko naira 53 da kwabo 75 ne, ya fito sau biyu cikin wata shidan, an rubuta masa `Card Maintenance Fee`. Wannan kuɗin kula da kati ne. Ƙa'idar cajin bankuna da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ta yarda a karɓi naira 50 duk wata uku a kan katin naira na asusun ajiya. Ragowar naira 3 da kwabo 75 ɗin harajin VAT ne na kashi 7.5 cikin ɗari. Wannan harajin ne ya sa cajin banki ke zuwa da wutsiyar kwabbai, kuma wutsiyar tana taimakawa wajen ganewa: a ƙa'idar ta 2020, 10.75 da 26.88 da 53.75 duk kuɗin tura kuɗi zuwa wani banki ne, na naira 10 da 25 da 50 gwargwadon yawan abin da aka tura, an ɗora musu haraji. A lura cewa 53.75 na iya zama kuɗin kati, yana kuma iya zama kuɗin tura sama da dubu hamsin. Rubutun da ke gefensa ne zai raba gardama.

Iri na biyu kuɗin alat ne, ana cirewa sau ɗaya a wata, amma adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya: wannan wata 246, wancan 198. Dalili kuwa kan kowane saƙo ake lissafi. An daɗe ana karɓar naira 4, sai bankuna suka mayar da shi naira 6 a 2025 bayan an ƙara farashin kira da saƙo. Saƙo 41 sau shida ya ba da 246, saƙo 33 ya ba da 198. Iri na uku kuwa naira 50 ce cif, mai bin sawun duk tiransifa ta dubu goma ko sama da haka, ana rubuta ta `EMTL` ko `Stamp Duty`. Wannan ta gwamnati ce, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa.

Waɗannan ukun ba wanda ya saci kowa, ko da yake wanda ya ce sun yi yawa bai yi ƙarya ba. Farashinsu kan sauya, don haka in an ga sabon adadi sai a tambayi banki a kan wace ƙa'ida ya dogara. Kuɗin alat kaɗai ake iya kashewa gaba ɗaya: banki zai ba ka takarda ka sa hannu cewa ka ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya, a koma turo maka ta imel kyauta. Ni dai ba na ba wanda ba ya buɗe manhajar bankinsa kullum shawarar yin haka. Naira ɗari biyu a wata ba ta kai asarar da za a yi ba ranar da ɓarawo ya shiga asusu mai shi bai sani ba sai bayan mako.

Iri na huɗu shi ne mai laifin. Naira 1,450, ranar tara ga kowane wata, babu fashi, babu wutsiyar kwabbai. A shekara naira 17,400 ke nan.

Abin da kwanan wata da adadi ke faɗa

Kafin a karanta sunan ma, kwanakin suna ba da labari. Kuɗin da ke fita rana ɗaya a kowane wata, tara ga wata, tara ga wata, rajista ce ta wata-wata. Wanda kwanansa ke ja da baya a hankali, misali 9 ga Maris, 8 ga Afrilu, 8 ga Mayu, 7 ga Yuni, zagayen kwana talatin ne, irin wanda kamfanonin data da na talabijin suka fi amfani da shi. Wanda ke zuwa duk Talata, na mako-mako ne, kuma shi ya fi cin mutum, domin ɗari biyar a mako ta wuce dubu biyu a wata. Idan kwanan bai sauya ba amma adadin na hawa da sauka, akwai alamar da dala aka sa farashin, canji ne ke motsa shi. Idan kuwa adadin ɗaya ne amma kwanan na tsalle, a duba ko a ranar da aka saba cirewa asusun babu kuɗi. Na'urar kan gwada ta tarar wayam, ta dawo bayan kwana biyu ko uku, ta yi ta dawowa har ta dace. Shi ya sa dabarar kwashe kuɗi kafin ranar ba ta cika aiki ba. Wasu kamfanonin sukan gaji su rufe rajistar bayan an daɗe ba a biya ba, amma kafin nan albashi ko kuɗin ciniki ya shigo sun cafke nasu.

A bayanin Hajiya, gefen 1,450 ɗin an rubuta wasu lambobi masu yawa, sai kalmar `WEB`, sai `GOOGLE *` da guntun wani suna a gaba. Kalmomi irin su `WEB` da `POS/WEB` da `ECOM` suna nuna ta kati aka bi, a intanet, ba a gaban na'ura ba. `GOOGLE *` kuwa shi ne yadda sayayyar da aka yi ta hannun Google ke fitowa, abin da ke bayan tauraron shi ne sunan manhajar ko kamfanin da ya yi ta. Masu wayar iPhone nasu `APPLE.COM/BILL` ne.

Nan Hajiya ta ce, "Ni yaushe na sayi wani abu a wurinsu? Kuma ai ko naira biyar zan tura sai sun turo mini lamba na sa. Wannan ba su taɓa turowa ba."

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ce zuciyar maganar. Ranar farko da aka sa kati a irin wannan shafi ne kawai ake tantance mai shi, a nemi lambar kati da kwanan ƙarewarsa da lambobi ukun da ke baya, galibi har da lambar OTP. Daga nan sai a ajiye wata lamba ta musamman da ke wakiltar katin. Duk cirewar da ta biyo baya kamfanin ne ke tayar da ita, ba mai katin ba, kuma tsarin katunan ya yarda a yi ta ba tare da an sake tambayarsa ba, tunda an ɗauka ya amince tun farko. Banki yana ganin buƙata ta zo da shaidar amincewa, sai ya biya. Ma'aikacin da ya ce maka "ba daga wurinmu ba ne" sau da yawa gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba, domin ya kamata ya gaya maka daga ina ne.

Wane asusu, wace waya

'Yar ta ɗauki wayar Hajiya ta buɗe `Play Store`, ta taɓa hoton da ke sama a kusurwa, ta shiga `Payments & subscriptions`, sannan `Subscriptions`. Babu komai. A nan mutane da yawa ke karaya, su ce to ƙarya ce, damfara ce. Amma rajistar ba a jikin waya take ba, kuma ba a jikin kati take ba. Tana jikin adireshin imel ɗin da aka yi ta da shi. Katin mutum ɗaya na iya zama a ajiye a asusun imel uku na mutane uku.

Tambayar da za a yi ke nan: wa ya taɓa riƙe katin nan? Wace tsohuwar waya aka bayar ko aka sayar? Wane imel aka buɗe aka manta? Hajiya ta tuna autanta ya taɓa karɓar katin bara, ya ce zai sauke wata manhajar gyaran hoto da bidiyo don ya riƙa ɗaukar mata ɗinkuna yana sawa a shafinta.

Aka kira shi. Ya ce, "Umma, wallahi kyauta ce, gwajin kwana bakwai suka ce. Kuma ban fi wata ɗaya da ita ba na goge."

Ya goge ta kuwa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Gwajin kyauta shi ne ƙofar da aka fi shiga ta cikinta. Ana neman kati tun ranar farko, a rubuta da ƙananan haruffa cewa in kwanakin suka cika ba a soke ba za a fara cirewa. Goge manhaja kuwa cire ta ne daga waya kawai, kamar mai haya ne ya kwashe kayansa daga ɗaki bai sallami mai gida ba: ɗakin na sunansa, kuɗin wata na hawa. Da aka buɗe `Subscriptions` a imel ɗin yaron, sai ga ta, da farashinta, da ranar cirewa ta gaba. A akwatin imel ɗinsa kuma ga rasit na kowane wata jere, kowanne da lambar oda mai farawa da `GPA`, ba a buɗe ko ɗaya ba.

Sokewar ba ta da wuya amma tana da tarko. An danna `Cancel subscription`, sai a tambayi dalili, wani lokaci a kawo tayin dakatarwa na ɗan lokaci ko ragin farashi. Dakatarwa ba sokewa ba ce, wa'adinta na cika za a ci gaba da cirewa. A bi har ƙarshe, har shafin ya daina nuna ranar biya ta gaba ya koma nuna ranar da hidimar za ta ƙare. A ɗauki hoton shafin, a kuma adana imel ɗin tabbatarwa. Sai bayan nan a shiga `Payment methods` a cire katin daga asusun. Jerin yana da muhimmanci: soke tukuna, cire kati daga baya. A iPhone hanyar ita ce `Settings`, sai sunan mai wayar, sai `Subscriptions`.

Kuɗin da suka riga suka tafi fa? A irin halin Hajiya, da wuya su dawo duka, tunda ɗanta ne ya sa katin da saninta. Ana iya neman a mayar da na watan ƙarshe, musamman in ba a wuce kwana biyu da cirewa ba, a kuma rubuta wa masu manhajar a nuna musu ba a yi amfani da ita ba. Wasu sukan mayar, wasu su ƙi. Abin da ba na so a yi shi ne a je banki a rantse cewa sata ce alhali an san wanda ya yi. In bincike ya nuna daga gidan ne, an zubar da mutunci kuma ƙorafin ya faɗi.

In sunan da ya fito bai gaya maka komai ba

Hajiya ta yi sa'a, sunan a bayyane yake. Sau da yawa abin da ke fitowa sunan dillalin biya ne, irin su Paystack ko Flutterwave ko Interswitch, waɗanda dubban 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi ta hannunsu. Ganin sunansu ba ya nufin su ne suka ci kuɗin, hanya ce aka bi. Wani lokaci kuma sunan rajistar kamfanin ne ke fitowa, wanda ya sha bamban da sunan da aka san manhajar da shi.

Mafi sauƙin dabara ita ce a buɗe imel a rubuta adadin kuɗin a wurin bincike, misali `1,450`, ko kalmar `receipt` ko `subscription`, a duba har cikin `Spam`. Dillalan nan sukan tura rasit, a jikinsa akwai sunan ɗan kasuwar, wani lokaci har da mahaɗin sokewa. A kuma koma can baya a nemo ranar da aka fara cirewa, a tambayi kai me aka yi a makon. A kusa da ranar akan ga an cire naira hamsin ko ɗari, wani lokaci an mayar: gwajin kati ne da wasu manhajoji ke yi ranar da aka haɗa shi. Manhajojin adashin zamani masu ɗiban kuɗi da kansu, da na caca, da na rance, da shafukan kallo, duk haka suke farawa.

In wannan bai yi ba, sai banki. Kada a ce wa ma'aikaci "ana cire mini kuɗi" kawai, zai ce a canja kati ya kira na gaba. A nuna masa layi ɗaya, da kwanansa da adadinsa, a ce ana son cikakken sunan kamfanin da ya karɓa, da lambar shaidar cinikin da suke kira RRN, da kuma ta kati aka bi ko ta umarnin asusu. Da wannan lambar ake rubuta wa dillalin a tambaye shi wane ɗan kasuwa ne. Abin da dillali na gaskiya zai nema bai wuce kwana da adadi da lambobi shida na farkon kati da huɗu na ƙarshe ba. Duk wanda ya nemi lambar katin gaba ɗaya, ko ukun baya, ko lambar sirri, ko OTP, wai don ya tsayar maka da cirewa, shi ne ɓarawon, ko da ya kira sunanka da na bankinka daidai.

Idan an bi duk wannan, an tambayi mutanen gida, babu wanda ya san abin, to a daina bincike a toshe katin nan take, ta manhaja ko ta lambar toshewa da kowane banki ke da ita. Masu satar bayanan kati sukan fara da ɗan ƙaramin abu su ga ko katin na aiki, ko kuma mai shi na lura.

Ashe sabon kati ba shi ne magani ba? A wurin sata shi ne, kuma yawanci yana yanke cirewar. Sai dai yana da iyaka biyu. Visa da Mastercard suna da tsarin da ke sanar da manyan kamfanoni sabuwar lambar kati idan an sabunta, don kada rajistar mutane ta yanke; inda banki ya shiga tsarin, cajin na iya bin ka zuwa sabon katin. Na biyu, in ba ta kati ake cirewa ba, ko kati goma ka canja babu abin da zai sauya.

Wannan ya kawo mu ga umarnin asusu. In rubutun ya ƙunshi `Direct Debit` ko `Mandate` ko `Remita` ko `Standing Order`, to asusun ake taɓawa kai tsaye. Kamfanonin inshora da na rance da ƙungiyoyin ma'aikata sun fi amfani da wannan. Wanda ake kira `Standing Order` kai ne ka umarci bankinka ya riƙa turawa, kai ne kuma za ka ce ya daina. Sauran kuwa wani ka ba dama ya riƙa ɗiba, kuma ana soke su da rubutacciyar wasiƙa zuwa ga banki, a aika kwafi ga mai karɓar, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinka. Amma soke umarni ba ya goge bashi. In rance ne ba a gama biya ba, tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI da ke ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi abin da yake bi daga asusun mutum na wasu bankunan. Wanda ya gama biya kuma aka ci gaba da cire masa, ya nemi takardar shaidar kammala biya, da ita zai yi faɗan.

In an soke kuma ba a daina ba

Nan hoton da aka ɗauka da imel ɗin tabbatarwa ke amfani. Cirewar da ta zo bayan ranar sokewa tana da gurbi na musamman a dokokin katuna, banki na iya janyo kuɗin daga wurin kamfanin. A cike takardar ƙorafi, a haɗa shaidar, a karɓi lambar ƙorafi, kada a fita ba tare da ita ba. Kada kuma a yi jinkiri, wa'adin irin wannan ƙorafi galibi kwana 120 ne, kuma bankin ma na buƙatar lokacin aiki a cikinsu. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a fara kai kuka ga bankin mutum, a ba shi mako biyu, ko kwana talatin in maganar rance ce ko cajin da ya wuce ƙima. In ba a warware ba sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a `cpd@cbn.gov.ng`, a sa suna da lambar asusu da adadi da kwanaki da lambar ƙorafin farko. Wasiƙar da ba ta da shaidar an fara zuwa banki, bankin za a ce a koma.

Kiredit mai ƙarewa ba a yi kira ba

Ga mutane da yawa, musamman masu ƙaramar waya, matsalar ba ta banki ba ce. An sa katin ɗari biyar da dare, da safe saura ɗari huɗu da hamsin. Ka'idar ɗaya ce, wurin binciken ne ya bambanta. A kashe data, a duba saura da `*310#` kafin a kwanta, a rubuta, a sake dubawa da safe, a yi haka kwana biyu ko uku. In naira ashirin ko hamsin na ɓacewa kullum, rajista ce ta yau da kullum: waƙar kira, sakamakon ƙwallo, wasan gasa, addu'o'i, shawarwarin lafiya. Akan shiga ne ta danna `OK` a kan saƙon da ya faɗo bisa fuskar waya, ko ta taɓa talla a intanet. Kafin a yanke hukunci a cire abubuwa uku da ke kama da ita: bashin kiredit da aka ci ake biya, da datar da ke sabunta kanta, da naira 6 da kwabo 98 na amfani da lambar banki, wanda tun 2025 aka koma cirewa daga kiredit.

Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta haɗe lambobin dukkan layuka suka zama iri ɗaya. Lambar dakatar da irin waɗannan hidimomi ita ce `*305#`, a nan ake ganin abin da layin ke ciki a soke shi. A duba dukkan rukunan da ta nuna, domin layi ɗaya kan ɗauki rajista uku. Sannan a tura `STOP` zuwa `2442`. Mutane na ɗauka wannan ne ke tsayar da cirewa, alhali aikinsa toshe saƙonnin talla ne, wato yana rage hanyar sake faɗawa, ba ya soke abin da aka riga aka shiga. Dole a yi biyun.

In aka yi duka aka ga kuɗi na ci gaba da tafiya, a kira `300`, a ce wa mai amsawa ya karanto duk hidimomin da ke kan layin da ranar da aka shiga kowacce, ya cire su, ya kuma ba da lambar ƙorafi. Wanda ya tabbata bai taɓa amincewa ba yana da damar neman a mayar masa da abin da aka ɗiba. Idan kamfanin ya yi biris, da waccan lambar ake kiran NCC a `622`, kuma kiran kyauta ne.

Ko ta banki ce ko ta waya, ba a cewa an gama sai zagaye biyu sun wuce lafiya. Mai rajistar kullum ya duba kwana biyu a jere da kuɗi a layin, domin layin da babu komai a ciki ba ya nuna ko an daina. Mai ta wata-wata ya bar kuɗin da ya kai adadin a asusu, ya duba ranar da aka saba cirewa da kwana uku bayanta, wannan wata da mai zuwa. Wanda kuma ya ga cajin sau ɗaya tak a bayanin wata shida, ya ciro na shekarar da ta gabata ya duba wannan watan, domin akwai rajistar shekara-shekara, kuma ita ma a wuri ɗaya ake soke ta.